Dubawar ƙarshe kafin a danna maɓallin wallafa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke ɗora rubuce-rubucen ƙungiyarmu a intanet. Nakan karanta kowane rubutu sau biyu ko uku kafin in wallafa, amma kusan kullum sai wani ya kira ni ya ce linki bai buɗe ba, ko ranar da na sa ba daidai ba ce, ko rubutun ya hargitse a wayarsa. Me ya kamata in riƙa dubawa a ƙarshe, kuma da wanne zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko sau goma ka karanta, waɗannan kurakuran ba za su fito maka ba, domin ba a karatu ake kama su ba. Karatu yana kama kalmar da ta faɗi da jimlar da ta karkace. Linki kuwa sai an latsa shi, rana sai an gwada ta da kalanda, tsarin rubutu sai an gan shi a fuskar waya. Akwai kuma dalili na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa: kai kana kallon rubutun ne daga ciki. Kana cikin akawun ɗinka, kana da izinin buɗe kowane fayil na ƙungiya, allonka babba ne, kuma ka san abin da ake nufi tun kafin ka karanta. Mai karatu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka aikin dubawar ƙarshe shi ne ka mai da kanka baƙo na ɗan lokaci, ka ga abin da baƙo zai gani.

Ni yadda nake yi, ba na fara wannan dubawa sai an gama gyaran kalmomi kaf, kowa ya janye hannunsa daga rubutun. Daga nan sai in bi sau huɗu, kowane zagaye da abu ɗaya da nake nema: tsarin rubutu, sai linkuna, sai ranaku, sai waya. Jerin ba na ganin dama ba ne. Gyaran tsari yakan kashe linki, don haka idan ka gwada linkuna tukuna sannan ka koma gyaran tsari, ka yi aikin banza. Waya kuma ta zo ƙarshe ne saboda ita ke nuna sakamakon duk abin da ka taɓa a baya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. An ba ka sanarwar wani horo na kwana biyu da za a yi a watan Afrilun 2025. An rubuta ta a Word, a cikinta akwai linkin fom na rajista, da ranar rufe rajista, da jadawalin darussa mai ginshiƙi biyar, da hoton talla guda ɗaya.

## Tsarin rubutu

Mafi yawan hargitsin tsari daga wajen kwafa da mannawa yake shigowa. Idan ka kwafo rubutu daga Word ko Google Docs ka manna kai tsaye, ba kalmomin kaɗai ke biyo ka ba. Nau'in haruffa da girmansu da launinsu da tazarar layi duk suna tahowa a ɓoye. Alamar da za ka gane da ita: sakin layi ɗaya ya ɗan fi sauran girma, ko launinsa ya fi duhu, ko ka ga wani fili babba tsakanin sakin layi biyu ba gaira ba dalili. Maganin shi ne ka manna rubutun tsura da `Ctrl+Shift+V`, sannan ka sake gina kanu da kaurin haruffa da linkuna a cikin manhajar da kake wallafawa da ita. Mannawa tsura tana goge linkunan da ke ɓoye a ƙarƙashin kalmomi, ta bar kalmomin kawai, wannan ne ya sa na ce tsari ya riga linki.

Sai ƙananan kanu. Mutane da yawa sukan kaurara layi su ƙara masa girma su ce sun yi kanu. A ido ya yi kama, amma manhaja ba ta san kanu ba ne, haka ma na'urar da ke karanta wa makafi rubutu. Ka sa alamar rubutu a kan kowane kanu ka duba abin da manhajar ta kira shi. Sunan rubutun shi ne `H1`, kuma guda ɗaya ake so. Manyan sassa `H2`, abin da ke ƙarƙashinsu `H3`. Idan ka ga an rubuta `Paragraph` a kan abin da ka ɗauka kanu ne, gyara shi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin aiki a nan, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu. Ba kowane nau'in haruffa ne ke ɗauke da su ba. Idan babu su a wanda aka zaɓa wa shafin, burauza takan aro su daga wani nau'in, sai ka ga ƙ ɗin cikin kalma ta fi sauran haruffa siranta ko tsawo. Wani lokacin kuma ɗan akwati ne fanko zai fito a gurbinta. An fi samun wannan a kanu, domin sau da yawa nau'in haruffan kanu daban yake da na jikin rubutu, sai jiki ya fito lafiya kanu ya lalace. Ka kuma tabbata ba a cakuɗa ba, a rubuta ƙungiya a sama, kungiya a tsakiya, k'ungiya a ƙasa, abin da ke faruwa idan mutum biyu ko uku suka sa hannu a rubutu ɗaya da madannai daban-daban.

## Linkuna, inda aka fi shan kunya

A nan zan daɗe, domin kuskuren linki ne kaɗai marubuci zai iya gwadawa da kansa ya ga yana aiki, alhali ga kowa a duniya a rufe yake.

Koma kan fom ɗin rajistarmu. Wanda ya haɗa fom ɗin a Google Forms ya kwafo adireshin da ke saman burauzarsa ya sa a cikin sanarwa. Wannan adireshin yana ƙarewa da `/edit`, wato ƙofar masu gyara fom ɗin ce. Wanda ya dace a ba jama'a shi ne mai `/viewform`, ko gajeren nan da ke farawa da `forms.gle`. Kai da kake cikin masu izinin gyara, ka latsa, fom ya buɗe, ka ce lafiya lau. Haka abin yake da fayil ɗin da ke Google Drive wanda aka bar shi a kan `Restricted`: kai zai buɗe maka, mai karatu kuma ya ci karo da `You need access`. Sai an mai da shi `Anyone with the link` kafin kowa ya iya gani.

Hanyar kama wannan ita ce tagar sirri ta burauza, wadda ba ta san kai wane ne ba. A Chrome ana buɗe ta da `Ctrl+Shift+N`, a Firefox da `Ctrl+Shift+P`. Ka kwafi kowane linki daga daftarin ka manna shi a can. Abin da ya buɗe a tagar sirri zai buɗe wa baƙo. Daftarin kansa ba zai buɗe a can ba tunda ba a wallafa shi ba tukuna, linkunan da ke cikinsa kake gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne linkin da ke nuni zuwa wani rubutun naku da bai fito ba, ko adireshin samfoti. A WordPress irin wannan adireshi yakan ɗauki `preview=true` a ƙarshensa. Da ka ga wannan a cikin linki, ka san mai karatu ba zai ga komai ba sai saƙon cewa ba a sami shafi ba, wato kuskuren `404`.

Wani kuma da ke rikita mutane shi ne adireshin da aka rubuta ba tare da `https://` a farkonsa ba. Wasu manhajoji suna cike maka shi da kansu, wasu ba sa yi. Idan ba a cike ba, burauza takan ɗauka wani wuri ne a cikin shafinku, sai ta liƙa shi a bayan adireshinku. Dubi bambancin:

```
<a href="www.example.com/rajista">
<a href="https://www.example.com/rajista">
```

Na farkon zai kai mai karatu wani lungu da babu shi a cikin naku shafin, na biyun ne zai fita da shi zuwa inda ake nufi. Alamarsa ita ce idan ka latsa ka ga sunan shafinku da sunan wancan shafin sun jeru a adireshi ɗaya. Haka nan ka lura da aya ko waƙafi ko baka da ke manne a ƙarshen adireshi, domin idan jimla ta ƙare da linki, wani lokacin ayar takan shige cikinsa ta ɓata shi.

Buɗewa kaɗai ba ta isa ba. Ka tsaya ka karanta shafin da ya buɗe, ka tambayi kanka ko shi ne abin da jimlarka ta yi alkawari. A sanarwar da ake maimaitawa duk shekara, fom ɗin bara yakan buɗe sumul, har ya karɓi sunayen mutane, sai ranar horo a tarar rajistar ta tafi inda ba wanda ke dubawa. Babu manhajar binciken linki da za ta gaya maka wannan, tunda a wajenta linkin lafiyarsa ƙalau. Ni idan fom ne, har cike shi nake yi da sunan gwaji, in tura, in ce wa mai kula da shi ya duba ko ya shigo, sannan ya goge.

Abu biyu ƙanana kafin mu wuce. Idan ka kwafo adireshi daga kafar sada zumunta ko wasiƙar imel, yakan zo da doguwar jela mai farawa da `?utm_source=` ko `?fbclid=`. Wannan jelar ta bibiyar masu latsawa ce, yawanci za ka iya yanke ta daga alamar tambaya zuwa ƙarshe, amma ka sake gwadawa bayan ka yanke, domin a wasu shafukan abin da ke bayan alamar tambayar shi ne ainihin adireshin. Na biyu, kalmomin da ka ɗora wa linkin su faɗi inda za su kai mutum. "Fom ɗin rajistar horo" ya fi "latsa nan", musamman idan "latsa nan" ɗin ya kai uku a rubutu ɗaya.

Kada ka manta da adireshin rubutun naka kansa. Manhaja takan ƙirƙire shi daga kanun farko da aka sa wa daftari, ko da an sauya kanun daga baya. Idan kuma akwai harafi mai lanƙwasa a ciki, to idan aka kwafa aka tura wa wani yakan rikiɗe, ƙ ta zama `%C6%99`, ɗ ta zama `%C9%97`, adireshi ya yi tsawo ya yi muni. Ka gyara shi da hannu, gajere, da haruffa marasa lanƙwasa, kuma ka yi haka kafin wallafawa. Bayan an yaɗa shi, sauya shi na iya kashe duk linkunan da mutane suka riga suka tura wa juna.

## Ranaku

Sanarwarmu ta ce za a rufe rajista 03/04/2025. Wanda ya saba da tsarin Birtaniya zai karanta 3 ga Afrilu. Wanda ya saba da na Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana, zai karanta 4 ga Maris, ya ɗauka an rufe tun tuni. Duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba tana iya faɗawa cikin wannan ruɗani. Ka rubuta sunan watan da haruffa, ka haɗa da ranar mako: Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025.

Sa ranar mako yana da amfani na biyu, shi ne yana tona kuskure. A ce sanarwar ta ce za a fara horo ranar Litinin, 8 ga Afrilu. Ka buɗe kalandar 2025 za ka tarar 8 ga Afrilu Talata ce. A 2024 ne ta faɗo Litinin. Nan take ka gane daga sanarwar bara aka kwafo, aka sauya shekara aka manta da sauran. Kuma kada ka gyara da ka, domin ba ka sani ba ko Litinin 7 ga wata ake nufi ko Talata 8. Wanda ya shirya horon za ka tambaya. Da zarar ka kama irin wannan guda ɗaya, ka ƙara zargin duk abin da ke cikin rubutun, har da fom da lambar waya da wurin taro, tunda daga tushe ɗaya suka fito.

Rana ɗaya takan bayyana a wurare da yawa: a kanu, a sakin layin farko, a cikin jadawali, a jikin hoton talla, a kan fom ɗin kansa. Idan aka ɗaga taro, jikin rubutu ake gyarawa a manta da sauran. Ka nemi sunan watan da `Ctrl+F` ka bi duk inda ya fito, ka nemi shekarar da ta gabata ita ma, musamman a watan Janairu lokacin da hannu bai saba da sabuwar shekara ba. Amma `Ctrl+F` ba ya karanta rubutun da ke jikin hoto, wannan sai da ido.

Sai kalmomi irin su jiya, gobe, jibi, makon gobe, bana, bara. Gaskiya ne a ranar da aka rubuta su, amma daftari yakan kwana uku kafin ya fito, kuma wani zai karanta shi bayan wata shida. Ka mai da su ranaku sak. Idan rubutun ya ce "shekara goma da kafa ƙungiya", ka yi lissafin da kanka daga shekarar da aka ambata.

Idan kuma saita rubutun kake yi ya fita da kansa a wani lokaci, duba agogon shafin. A WordPress yana ƙarƙashin `Settings`, sai `General`, sai `Timezone`, kuma shafuka da yawa an bar su a kan `UTC+0` yadda suka zo. Idan ƙasarku tana gaban wannan da awa ɗaya, rubutun da ka saita ƙarfe takwas na safe sai tara zai fito a agogonka. Taron da za a yi ta intanet da mutanen ƙasashe daban-daban kuwa, dole a faɗi agogon wace ƙasa ake nufi.

## A fuskar waya

A kwamfuta kana iya kwaikwayon waya: a Chrome ka danna `F12`, sannan `Ctrl+Shift+M`, shafin zai tsuke ya koma faɗin waya. Yana da amfani don dubawa cikin sauri, amma ba ya maye gurbin waya ta gaske, domin haruffan kwamfutarka yake amfani da su, da saurin intanet ɗinta, kuma ba ya nuna maka yadda yatsa zai yi fama da ƙaramin linki. Ka shiga akawun ɗinka a waya ka buɗe samfotin daftarin a can. Idan da hali ka yi da data maimakon intanet mai ƙarfi na ofis, kuma idan akwai tsohuwar waya mai ƙaramar fuska a kusa, ita ta fi faɗin gaskiya.

Faɗin da shafi ke samu a yawancin wayoyi bai wuce fiksel 360 zuwa 430 ba, kwamfuta kuwa ta haura dubu. Gwajin farko mai sauƙi ne: ja shafin da yatsa zuwa hagu da dama. Bai kamata ya motsa ba. Idan ya motsa, akwai abin da ya fi fuskar faɗi, kuma kusan kullum ɗaya daga cikin uku ne: jadawali, ko dogon adireshi da aka rubuta a fili wanda ba shi da inda zai karye, ko bidiyo da aka saka da ƙayyadadden faɗi. Jadawalinmu mai ginshiƙi biyar, rana da lokaci da darasi da malami da ɗaki, a kwamfuta ya zauna daram. A waya ko dai ginshiƙin ƙarshe ya ɓace a gefe, mutum bai ma san akwai shi ba, ko kuma kowace kalma ta kakkarye gida uku. Ni a irin wannan nakan rushe jadawalin gaba ɗaya, in yi ƙaramin kanu ga kowace rana, kowane darasi da layinsa a ƙarƙashi. Jadawalin da ya wuce ginshiƙi uku da wuya ya zauna lafiya a waya.

Daga nan ka sauka a hankali daga sama. Kanun ya cinye fuskar gaba ɗaya? Rage shi. Muhimmin bayani, wato ranar rufe rajista da linkin fom, sai an ja ƙasa sau nawa kafin a kai gare shi? Sakin layin da ya yi layi biyar a kwamfuta yakan zama goma sha biyar a waya, idan ya cika fuska ba sarari, raba shi biyu. Hoton talla, ana iya karanta rubutun jikinsa ba tare da an buɗa shi da yatsu biyu ba? Idan ba a iya, duk bayanin da ke ciki ya kasance an maimaita shi a jikin rubutu. Idan hoton ya daɗe bai sauko ba, mai yiwuwa an ɗora shi yadda ya fito daga kyamara, mai nauyin megabait da yawa, sai a rage shi. Ka kuma latsa linkunan nan da babban yatsa, domin biyu da ke manne da juna sukan sa mutum ya latsa wanda bai nufa ba.

Saura katin da ke fitowa idan aka tura linkin a WhatsApp ko Facebook, mai ɗauke da hoto da kanu da ɗan bayani. Daga wasu bayanai na ɓoye ake ɗauko shi, irin su `og:title` da `og:image`, kuma girman hoton da aka saba amfani da shi fiksel 1200 ne a faɗi, 630 a tsawo. Ka cike waɗannan kafin wallafawa, domin kafofin nan sukan ajiye abin da suka fara gani, ko ka gyara daga baya tsohon katin ya ci gaba da fitowa na wani lokaci. Facebook na da `Sharing Debugger` da ake sa shi ya sake ɗauko sabo, amma saƙon da ya riga ya shiga wayoyin mutane ya tafi ke nan.

Shi ya sa bayan ka danna wallafa, kada ka yaɗa nan take. Buɗe adireshin na gaske a tagar sirri a waya, ka ga ya fito, ka latsa linkin fom sau ɗaya, ka tura wa kanka linkin ka ga katin. Minti biyu ne, kuma shi ne karo na farko da kake ganin rubutun daidai yadda baƙo zai gan shi.

Wannan dubawa tana da iyaka. Ba za ta gaya maka an rubuta sunan malami daidai ba, ko ranar da mai shirya taro ya ba ka ita ce ta gaskiya, sai dai ta nuna maka inda abu biyu suka saɓa. Ba ta kuma hana linkin da ke aiki yau mutuwa baɗi idan masu wancan shafin suka sauya wuri, don haka rubutun da ake yawan komawa gare shi yana bukatar a riƙa sake gwada linkunansa lokaci zuwa lokaci. Ga sanarwa irin ta misalinmu, zagaye huɗun nan ba sa wuce kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ranar da lokaci ya ƙure maka har ba za ka iya yin duka ba, ka zaɓi biyu: linkin da ake so mutane su latsa, a tagar sirri, da ranar da ake so su kiyaye, a kan kalanda.